Jadawalin Karatun Auta: Wata Shida Kafin Jarrabawar Ƙarshe

Lahadi, 27 ga Oktoba, 2024

Auta ta zo gida hutun kwana biyu, ta same ni a ɗakin Hajiya da takarda a hannu. Ta shiga shekararta ta shida a karatun likita, kuma an ce musu jarrabawar ƙarshe a farkon watan Mayu za a fara. Fanni uku ne suka rage mata: medisin, wato cututtukan cikin jiki, sai tiyata da lafiyar al'umma. Na yara da na mata ta gama da su bara. Ta ce, "Yaya, ka tsara mini karatun wata shida. Amma don Allah ka bar mini wurin littafin labari. Rabona da in karanta wani abu da ba na cuta ba tun ina aji uku."

Na karɓi takardar. Ta rubuta awa shida kullum, za ta fara Davidson, babban littafin medisin, daga bangon farko zuwa na ƙarshe, sannan ta ɗauki Bailey na tiyata. Irin wannan jadawali ni ma na taɓa rubuta shi shekaru goma da suka wuce, kuma na san inda yake mutuwa: mako na biyu, a tsakiyar babin zuciya.

Ban tsara komai ba yau. Na ba ta aiki biyu na mako guda. Na farko, ta riƙa rubuta duk lokacin da ta zauna karatu da lokacin da ta tashi, ba tare da ƙari ko ragi ba. Na biyu, ta ɗauki wani babi da ba ta taɓa karantawa ba, ta karanta shi yadda za ta iya rufe littafin ta faɗa mini abin da ke ciki, ta ƙirga shafi nawa ta ci a awa ɗaya. Sai an san tsawon yadi ake yanka riga.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Ta turo lissafin, kuma na ji daɗi da ba ta ƙawata shi ba. Ranakun da ba ta da kol, wato zaman jiran kira a asibiti, tana fita ƙarfe bakwai da rabi, a yi zagayen duba marasa lafiya, a shiga kilinik ko lacca, ba ta komawa ɗaki sai wajen la'asar. Bayan wanka da girki da salla, abin da take samu awa biyu da rabi ne. Irin waɗannan ranaku uku ne a mako. Sauran biyun tana kol har dare, da ƙyar take samun rabin awa. Asabar ta yi awa biyar, Lahadi uku da rabi. Jimla awa 17, ba 42 da takardarta ta farko ta ɗauka ba.

Saurin karatunta shafi shida ne a awa. Wannan ba rauni ba ne. Shafin waɗannan littattafai layi biyu ne, cike da jadawali da zane. Davidson ya haura shafi 1,300, Bailey ya haura 1,500. In aka haɗa da littafin lafiyar al'umma an wuce shafi 3,000, wato awa 500 ko fiye, karatu ɗaya tak ba bita. Ita kuwa daga gobe Litinin zuwa 4 ga Mayu mako 26 take da shi, awa 442 ke nan idan ba ta yi zazzaɓi ko rana ɗaya ba. Na karanta mata wannan lissafi a waya, ta yi shiru, sannan ta ce, "To Yaya, faɗuwa zan yi ke nan?" Na ce a'a, littafin ne ba za ki gama ba, kuma ba wanda ya taɓa neman ki gama shi.

Ga abin da muka tsayar. Ba za mu ƙirga karatu da shafi ba, da maudu'i za mu ƙirga. Na sa ta tattaro tambayoyin jarrabawar shekarun baya daga wajen 'yan ajin da suka gabace ta, ta kuma duba rajistar kwantar da marasa lafiya ta ɗakunan da za ta zauna, ta ga cututtukan da suka fi yawan zuwa. Daga waɗannan biyun muka fitar da maudu'i 120: medisin 48, tiyata 48, lafiyar al'umma 24. Kowanne awa biyu, shida a mako, awa 12 ke nan. Awa uku na bita, awa biyu na amsa tsofaffin tambayoyi da agogo a gaba. Tsarin yana bin fostin ɗinta, wato zamanta a kowane sashe: mako takwas medisin, takwas tiyata, huɗu a ƙauye, mako guda na Salla, biyar na ƙarshe bita zalla.

Mun kasa maudu'an gida uku. Akwai waɗanda dole ta iya su a tsaye gaban mara lafiya, daga tambayar tarihi har magani: gazawar zuciya, shanyewar ɓarin jiki, ciwon suga da rikicewarsa, tarin fuka, sikila, ciwon hanta, ciwon ƙoda. Akwai waɗanda ya isa ta iya rubuta shafi ɗaya a kansu. Akwai kuma waɗanda gane sunansu a tambayar canki-canka ya wadatar. Dalilin fifita kashi na farko shi ne, jarrabawar gaban gado ita ce ke kayar da ɗalibi. Wanda ya faɗi a nan, makin takarda ba ya ceto shi.

Littafin labari ban saka shi cikin awa 17 ɗin ba, kuma ban mai da shi ladan gama karatu ba. In aka ce sai an gama za a taɓa shi, ba za a taɓa shi ba har abada, don karatun likita ba ya ƙarewa. Na ba shi nasa lokacin: minti 25 kafin barci, da awa ɗaya ranar Juma'a da yamma.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Mako biyu, maudu'i 11 cikin 12. Amma abin da nake so in rubuta shi ne yadda muka canja awa biyun da ake ba kowane maudu'i, kuma wata mai jego ce ta sa.

Ranar Talata aka ba Auta wata mata ta duba, 'yar shekara ashirin da ƴan kai, mako uku da haihuwa. Numfashi na yi mata wuya, ba ta iya kwanciya sai an jera mata filo, ƙafafu sun kumbura har gwiwa. A jadawali, gazawar zuciya sai mako na huɗu. Auta ta kira ni tana tambaya ko ta jira. Na ce ta jawo shi yau, ta tura abin da ke kan layi zuwa mako na huɗu. Daga yanzu wannan doka ce: mara lafiyar da ke kan gado ya fi jadawali iko.

Mun raba awa biyun haka. Minti ashirin na farko littafi a rufe, ta rubuta abin da ta gani da abin da take zato: jijiyar wuya ta cika, bugun ƙarshen zuciya ya gusa gefe, ta ji ƙarin sauti na uku, ƙasan huhu na ƙarar ruwa, hanta ta kumbura tana ciwo. Sai awa ɗaya ta buɗe littafi, ba don ta karanta babin duka ba, don ta nemo amsar abin da ta kasa. A nan ta gano ma'anar cutar da kyau: gazawar zuciya da ke zuwa a ƙarshen ciki ko cikin watannin bayan haihuwa, ba a samu wani dalili ba, kuma hoton zuciya na eko ya nuna ƙarfin turo jini na ɗakin hagu bai kai kashi 45 cikin ɗari ba. Ta fahimci abin da ya sa aka fara da furosemaid don rage ruwa, aka ƙara enalafiril tunda an riga an haihu, alhali da tana ɗauke da ciki ba za a ba ta shi ba, kuma aka dakata da maganin rage bugun zuciya sai huhu ya bushe. Minti arba'in na ƙarshe ta rubuta kati biyar na tambaya da amsa, sannan ta gabatar mini da matar a waya kamar ni ne mai jarrabawa.

A nan na ga giɓin manyan littattafan. Wannan cuta ba ta samu wuri mai yawa a cikinsu ba, don an rubuta su ne a ƙasar da ba a cika ganinta ba, mu kuwa arewacin Nijeriya na cikin wuraren da ta fi yawa a duniya. Likitocin da suka yi bincike a Zariya a shekarun 1970 sun danganta ta da al'adun jego: kunun kanwa mai yawan gishiri, wankan ruwan zafi, da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa. Binciken da aka yi daga baya, wanda likitocin Kano suka jagoranta, bai tabbatar da wannan alaƙa ba. Abin da ya fi fitowa shi ne talauci, rama, da hawan jinin ciki. Na ce mata ta san duka biyun, ta faɗe su a jere in an tambaye ta, kuma kada ta je ta ɗora wa matar ko surukarta laifin kunu. Abin da ya fi muhimmanci ta gaya musu shi ne haɗarin sake ɗaukar ciki kafin zuciyar ta farfaɗo.

Saboda haka na ƙara wani layi a jadawalin: maudu'an da za a nemo a wajen babban littafi, daga laccar malamai da ƙa'idojin magani na ƙasa. Zazzaɓin Lassa, saran kububuwa, sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani duk suna ciki.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Mako na uku ya lalace, maudu'i uku kacal. Da farko ta ce kol ne ya yi yawa. Da na nemi takardar lokaci, sai na ga safiya uku a jere ta makara, kuma karatun yamma ya koma barci. Daga baya ta faɗa mini gaskiya. Wata ƙawarta ta saka ta a wani zauren WhatsApp da ake sako labari shafi-shafi, labarin ya riga ya kai kashi tamanin da wani abu. Minti 25 ya zama ƙarfe biyu na dare.

Ban ga laifinta ba, kuma ban raina waɗannan marubuta ba. Akwai masu alƙalami sosai a cikinsu. Amma irin wannan labari an gina shi ne don kowane kashi ya tsaya a inda zuciya ba za ta yarda a ajiye ba, ga shi kuma a cikin waya, inda ba ka ganin kaurin abin da ya rage. Kuskuren tsarina ne: na ware wa labari lokaci, ban duba siffar labarin da zai shiga lokacin ba.

Gyaran da muka yi: a ranakun aiki, littafin takarda kawai, kuma wanda kowane zama yake da ƙarshensa. Na ɗauko mata Magana Jari Ce na Abubakar Imam daga akwatin Baba, littafi na ɗaya. Tsarinsa ya dace da buƙatarta kamar an auna: aku ne ke ba ɗan sarki Musa labari bayan labari don ya hana shi fita, kowane labari yana rufewa da kansa, yawancinsu ba sa wuce zama ɗaya. Waya kuma za ta kwana a kan tebur, ba a gado ba. Labarin zauren na ce ta ajiye shi sai Mayu, ba inda za shi.

Lahadi, 8 ga Disamba

Barci ya daidaita. Maudu'i biyar a kowane mako cikin biyun nan. Ta ce tana karanta labari ɗaya, wani lokaci biyu, ta kashe fitila. Ta kuma ce Hausar littafin tana tuna mata kalmomin da take nema ta rasa in tana yi wa tsofaffi bayani a kilinik. Ban saka shi don wannan ba, amma na yi murna.

Ni kuma na yi wani kuskuren. Don awar Juma'a na aika mata Mutuwar Ivan Ilyich na Tolstoy, ina ganin ɗalibar likita ya kamata ta karanta shi. A makon ne wani dattijo mai ciwon hanta da take bi tun farkon fostin ya rasu. Ta karanta shafi goma ta ajiye. Ta ce, "Yaya, na wuni da masu mutuwa, in dawo ɗaki kuma in tarar da wani yana jirana? Ka bar ni in je wani wuri." Gaskiya ta faɗa. Na so in mai da hutunta wani darasin likitanci ta bayan gida. Na cire shi, na ce daga yau ita za ta zaɓi na Juma'a. Ta zaɓi Ruwan Bagaja.

Lahadi, 29 ga Disamba

Fostin ɗin medisin ya ƙare, yau muka yi hisabi. Cikin 48 ta gama 37, saura 11. Na haɗa mata tambayoyi 100 daga na shekarun baya, awa biyu, ta ci 54. Makin bai dame ni ba kamar inda ya fito. Da muka bi tambayoyin ɗaya-ɗaya, maudu'an da ta karanta a ranar da ta ga mai cutar kusan duk ta ci su. Waɗanda ta karanta a makonni biyun farko ba tare da mara lafiya ba, rabinsu sun zube. Da na tambayi awa ukun bita, sai ta ce su take cinyewa duk lokacin da wani maudu'i ya ƙi ƙarewa. Wato bita ce ta zama asusun da ake ranta daga ciki ba a mayarwa.

Na daɗe ina tunanin wannan. Shida a mako lissafi ne na mako mara cikas, kuma a mako takwas ɗin nan babu irinsa ko biyu: an yi rasuwa, ta yi mura, an ɗaga lacca zuwa Asabar, an ɗauke wuta kwana uku. Jadawalin da ba shi da gurbi ba komai a ciki, bashi yake haifarwa, bashin kuma yana sa mutum ya daina duba jadawalin gaba ɗaya.

Sabon tsari ga tiyata: biyar a mako, maudu'i 40. Takwas ɗin da muka sauke daga kashi na uku ne, za ta same su a tsofaffin tambayoyi. Gurbi na shida a kowane mako na biyan bashi ne. Cikin 11 na medisin, huɗu na yafe su, bakwai za su shiga waɗannan gurabe. Bita kuma na fasa ta daga dunƙulen awa uku zuwa minti 25 kullum da asuba, kafin ta fita, lokacin da babu wani karatu da zai ci ta. Kowane kati za ta gan shi washegari, sannan bayan mako, sannan bayan wata. Ta samo kwalin takalmi ta raba shi gida uku. Katin da ta kasa yana komawa gidan farko, komai daɗewarsa.

Littafin tiyata ma na canja. Bailey zai zauna don duba hoto da abin da ya shige mata duhu, amma babban abin karatunta shi ne na Badoe da abokansa, wanda likitocin tiyata na Gana suka shirya don ƙasashe irin namu. Fashewar hanji daga taifod, gwaiwar da ta shaƙe, ciwon daji da ya zo a makare, a can za ta same su da faɗin da muke ganinsu.

Lahadi, 19 ga Janairu, 2025

Sanyi ya kankama, ɗakin masu ƙuna ya cika da waɗanda wutar jin ɗumi da ruwan zafi suka samu. Auta ta karanta ƙuna a makon farko, ta ce ta iya. Ranar Alhamis na gwada ta a waya. Na ce ga mutum mai kilo 60, ya ƙone kashi 20 cikin ɗari na jikinsa da ƙarfe shida na safe, ya iso asibiti ƙarfe tara. Nawa ne ruwansa?

Ta kawo ƙa'idar Parkland daidai: mililita 4 sau nauyi sau kason ƙuna, 4 sau 60 sau 20, mililita 4,800 na ƙarin ruwan Ringa a awa 24, rabi a awa takwas na farko, rabi a 16 da suka biyo. Na ce to rabin farko ya ƙare ƙarfe nawa? Ta ce biyar na yamma. A nan ta faɗi. Awa takwas ɗin daga lokacin ƙunar ake ƙirga su, ba daga isowa ba. Mililita 2,400 ɗin dole su shiga kafin ƙarfe biyu na rana, cikin awa biyar da suka rage, wato 480 a awa maimakon 300. Na sake tambaya ta yaya za ta san ruwan ya isa. Ta yi jim, sannan ta tuno: fitsari, aƙalla rabin mililita ga kowane kilo a awa, 30 ke nan ga wannan mutum, kuma shi ake bi a ƙara ko a rage, lissafin mafari ne kawai.

Na nemi ta karanto mini katin da ta rubuta. Yana cewa, "Faɗi ƙa'idar Parkland." Irin wannan kati yana koya wa mutum rera amsa ne. Muka zauna muka duba katunan tiyata duka, wajen saba'in, muka sake rubuta fiye da rabi ta yadda kowanne zai zama mara lafiya mai nauyi da lokaci da tambaya ɗaya da sai an yi tunani. Ya ci mana gurbin biyan bashi na makon, kuma ban yi da-na-sani ba. Daga yau duk katin da amsarsa lamba ce, sai an saka masa mutum.

Na kuma yanka awa ɗaya daga Asabar don hannu. Ita da ƙawayenta biyu za su riƙa zuwa ɗakin marasa lafiya, ɗaya ta duba kumburi ko ciki ko maƙoƙo, ɗaya ta riƙe agogo, ɗaya ta riƙe Macleod, littafin duba mara lafiya, tana bin matakan. A oski, jarrabawar da ake bi tasha-tasha, mintuna kaɗan ake bayarwa a kowace tasha, kuma hannun da bai saba ba yana manta abin da kai ya sani.

Ta gama littafi na biyu na Magana Jari Ce.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Ba canji a jadawali. Ranar Juma'a ta kira ni bayan magariba, ta ce ta ɗauko Tolstoy ɗin da kanta ta karance shi a Juma'a biyu. Abin da ya tsaya mata shi ne, likitoci suna ta gardama ko ƙoda ce ko hanji, mutumin kuwa tambaya ɗaya yake so a amsa masa, ko abin mai tsanani ne; kuma baran gidan nan Gerasim, da yake ɗora ƙafafun maigidan a kafaɗarsa don ya samu sauƙi, shi kaɗai ne bai yi masa ƙarya ba. Ta yi maganar wajen minti goma. Ban ce mata komai game da jarrabawa ba.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Tiyata ta ƙare: 36 cikin 40, bashin medisin biyar cikin bakwai. Gwajin tambayoyi 100 na yau na gauraya shi, rabi medisin rabi tiyata, ta ci 63. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne, tambayoyin medisin ba su zube ba duk da ta yi wata biyu da barin ɗakin. Kwalin takalmin ne ya riƙe su. Inda take da rauni har yanzu: karanta hoton ƙirji da takardar awon bugun zuciya, da kuma karayar ƙashi.

Gobe za su tafi ƙauye, kuma ana sa ran azumi ƙarshen makon nan. Jadawalin yamma ba zai rayu ba. Wanda ya wuni a rana yana bin gidaje da takardar tambayoyi, da bakin azumi, a zafin Maris, ba zai fahimci komai ba tsakanin la'asar da magariba. Bayan buɗa baki da tarawi kuma jiki ya mutu. Don haka na juyar da ranar. Babban karatu daga bayan sallar asuba, awa ɗaya da rabi, lokacin da sahur ke jiki kuma gari da sanyi. Katuna minti 25 bayan azahar. Asabar da Lahadi awa uku-uku da safe. Mako ya sauko zuwa wajen awa 16 a takarda, ni kuma 13 na sa a raina. Maudu'i huɗu a mako, 16 maimakon 24. Sauran takwas aikin da za su yi a cibiyar lafiya ta ƙauyen zai koya mata su fiye da littafi, musamman rigakafi da awon ciki da tsaftar ruwa.

Batun labari ita ta yanke. Ta ce tana so ta sauke Alƙur'ani a watan, izu biyu kullum, don haka minti 25 na dare ta ba shi. Awar Juma'a kawai ta bari, ta kuma saka Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa a jaka. Shi da Ruwan Bagaja duk daga gasar rubutu ta 1933 suka fito, gajeru ne, Juma'a uku ko huɗu sun ishe shi. Na saya mata fitila mai cajin rana, na kuma sa ta kwafi babin lissafin cututtuka a takarda, don kada karatunta ya rataya a kan cajin waya.

Lahadi, 16 ga Maris

Azumi ya kama ranar Asabar 1 ga wata, yau 16. Sai ta hau wani tudu bayan makarantar firamare take samun sabis, don haka maganarmu gajera ce. Mako uku a ƙauye, maudu'i 11 cikin 12. Karatun asuba ya zauna, har ta ce bayan Salla ma ba za ta koma na yamma ba. Katunan azahar ne suka sha wuya, barci ke ɗauke ta a kansu; mun mayar da su minti ashirin kafin sahur.

Ta yi kwana biyu a wurin rigakafi tana cika katin yara da hannunta, yanzu jadawalin a bakinta yake: na ranar haihuwa, na mako 6 da 10 da 14, na ƙyanda da shawara a wata 9, ƙyanda ta biyu a wata 15. Ta ga yadda ake rubuta sanyin firij safe da yamma don ya zauna tsakanin digiri 2 da 8. Waɗannan na soke su daga jerin. Abin da ya ƙi shiga shi ne lissafin ingancin gwaji; tana rikita kason masu cutar da gwaji ya kama da kason waɗanda gwaji ya nuna suna da ita kuma da gaske suna da ita. Na ce ta daina haddace ma'anar, ta zana akwati mai gida huɗu da mutum 1,000, ta canja yawan masu cutar daga 100 zuwa 10 ta ga wace lamba ce ta motsa, wace ce ta tsaya. Za ta turo mini hoton in ta samu sabis.

Saura mako bakwai. Na fara zana biyar na ƙarshe: biyu medisin, biyu tiyata, lafiyar al'umma a warwatse cikinsu, na ƙarshe ba sabon abu sai katuna da duba marasa lafiya. Bashin da ke ƙasa shida ne, huɗu na tiyata biyu na medisin, ga hoton ƙirji da awon zuciya da nake so mu zauna a kansu tare ranar uku ga Salla. Na riga na ware hotuna ashirin da na cire sunayen masu su. Makon Salla kansa ban saka masa komai ba sai katuna.

Ba mu daidaita a kan labari ba tukuna. Ni ina ganin a makonni biyun ƙarshe a bar minti 25 ɗin yadda yake, don shi ke sa ta barci a kan lokaci. Ita tana tsoron ranta ba zai ba ta ta buɗe littafin labari ana saura kwana goma ba. Ta ce dai in nemo mata littafi na uku na Magana Jari Ce, don babu shi a akwatin Baba, in ajiye a ɗakin Hajiya kafin ta dawo.